Webhuk ɗin da aka ce bai zo ba: sau da yawa ya zo, amsar ce ba ta koma ba

Mai saye ya biya, an cire kuɗi daga katinsa, shafin kamfanin da ke karɓar kuɗin ya nuna ciniki ya faɗa, amma a rumbun bayanan mai shagon intanet oda tana nan zaune a matsayin wadda ba a biya ba. Abin da masu rubuta manhaja suka fi saurin faɗa a nan shi ne webhuk bai zo ba, sai a hau aika wa kamfanin takardar koke. A ganina wannan zargi ya cika gaggawa. Manyan kamfanonin biyan kuɗi ba kasafai suke mance aika saƙo ba. Abin da ya fi faruwa shi ne saƙon ya iso har bakin sabar mai shago, amma ko dai sabar ta yi jinkirin amsawa har mai aikowa ya gaji ya katse, ko kuma ta amsa da lambar da mai aikowa ba ya ɗauka a matsayin "na karɓa".

Webhuk dai saƙo ne da sabar kamfanin biyan kuɗi ke turo wa sabarka ta hanyar `POST` zuwa wani adireshi da kai ka ba su, yana ɗauke da labarin abin da ya faru: an biya, an mayar da kuɗi, kati ya ƙi. Kamfanin ba ya ganin cikin manhajarka. Bai san ko ka rubuta wa odar "an biya" ba, bai san ko ka tura rasit ba. Abu biyu kacal yake aunawa, wato lambar da ka mayar masa da kuma tsawon lokacin da ka ɗauka kafin ka mayar. Kamar masinja ne da ya kawo takarda tare da littafin sa hannu: ko ka fizge takardar ka karanta a gabansa, muddin ba ka sa hannu a littafin ba kafin ya juya, abin da zai faɗa a ofis shi ne ba a karɓa ba, kuma za a sake turo shi.

Sa hannun nan shi ne lamba daga jerin 200 zuwa 299. Stripe na karɓar kowace lamba a cikin jerin, Paystack kuwa `200 OK` take jira. Haƙurin ma ya bambanta: Razorpay daƙiƙa 5 take bayarwa, Adyen daƙiƙa 10. Idan amsa ba ta samu ba sai a sake aikowa. Stripe na ci gaba da gwadawa har kwana uku a asusun gaske, tana ƙara tazara tsakanin kowane gwaji da na gaba. Paystack na sake turowa duk bayan minti 3 a karo huɗu na farko, daga nan ta koma sau ɗaya a awa har tsawon awa 72. Waɗannan alƙaluma suna canzawa, saboda haka kowa ya duba takardun kamfanin da yake aiki da shi, amma ƙa'idar ɗaya ce a ko'ina, kuma daga cikinta duk matsalar ke fitowa.

Mu ɗauki wani shago na misali, mu bi shi daki-daki. Yana sayar da rajistar wata-wata, manhajarsa da PHP aka rubuta ta, Nginx na gaba yana karɓar baƙi, PHP-FPM na baya yana yin aikin. Kamfanin biyan kuɗinsa kuma, a ce, daƙiƙa 10 yake jira. Wanda ya rubuta sashen karɓar webhuk ya jera aikin yadda hankali zai fara kawowa. Saƙo ya shigo, a tabbatar da sa hannunsa na sirri, a kira kamfanin ta API a sake tambaya ko da gaske an biya, a sabunta odar a rumbun bayanai, a haɗa rasit na PDF, a tura wa mai saye imel, sannan a ƙarshe a mayar da 200. Tabbatar da sa hannu ba ya cin komai. Kiran API da haɗa rasit da tura imel su ne masu cin lokaci, a ce jimillarsu daƙiƙa 4. A ranar gwaji komai ya tafi sumul, domin 4 ba ta kai 10 ba, kuma saƙo ɗaya ake turawa a lokaci guda.

Sai ranar sabunta rajista ta zo, kamfanin ya ciri kuɗin mutum 60 kusan a tare, ya turo saƙo 60. A nan ne wani saiti da ba wanda ya taɓa kula da shi ya fara magana. PHP-FPM na aiki da wasu ma'aikata, kowanne buƙata ɗaya yake riƙewa har ya gama, kuma fayil ɗin saitin da yake zuwa da shi ya kan sa iyakar `pm.max_children` a kan 5. Biyar na farko sun gama a daƙiƙa ta 4. Biyar na biyu sun jira, sun gama a ta 8. Biyar na uku sun fara a ta 8, za su gama a ta 12, amma mai aikowa ya riga ya katse a ta 10. Sauran 45 ko farawa ba a yi da su ba. A idon kamfanin, saƙo 10 sun isa, 50 sun faɗi.

Abin lura shi ne ba wani layi na manhajar da ya lalace. Kowane saƙo shi kaɗai har yanzu daƙiƙa 4 yake ci. Agogon mai aikowa ne ba ya bambanta lokacin aiki da lokacin tsayuwa a layi, tun daga sa'ad da ya buɗe haɗi yake ƙirgawa. Shi ya sa wannan matsala ke da wuyar kamawa a kwamfutar mai rubuta manhaja: in ya sake tura saƙon da hannunsa da rana tsaka, sai ya wuce lafiya, ya ƙara tabbata cewa laifin na kamfanin ne.

Kuma katsewar mai aikowa ba ta dakatar da aikin. PHP ba ya gane cewa wancan ɓangaren ya tafi sai sa'ad da ya yi yunƙurin rubuta masa amsa, amsar kuwa ita ce ta ƙarshe a jerin. Saboda haka biyar na ukun nan sun sabunta oda, sun tura imel, sannan suka miƙa 200 ga wanda ba ya nan. Waɗanda ke layi ma sau da yawa haka ake bi ta kansu ɗaya bayan ɗaya, tunda buƙatar ta riga ta shiga. Bayan 'yan mintoci kamfanin ya sake turo 50 ɗin da yake ganin sun faɗi. In suka sake zuwa a dunƙule, 10 za su wuce, 40 su faɗi, haka za a yi ta yi. Ka tara 60 da 50 da 40 da 30 da 20 da 10, aiki 210 ke nan aka yi saboda biya 60, kuma waɗanda suka fi daɗewa a ƙarshen layi sun samu rasit sau shida. In abin da shagon ke yi bayan biya shi ne ƙara wa mutum kwanakin rajista ko zuba masa kuɗi a asusu, to sau shida aka ƙara. Ana kukan targaɗe sai ga karaya, domin ma'aikatan nan biyar su ne kuma ke buɗe wa masu saye shafukan shagon, don haka duk tsawon wannan cunkoso shagon ma ya daskare.

To ina odar da ta maƙale a "ba a biya ba" ta fito, tunda aikin na ci gaba? Daga waɗanda aka yanke a tsakiya. Idan sabar imel ko API ɗin kamfanin ta yi nauyi, buƙatar na iya tsayawa har wani agogon na daban ya kashe ta. Nginx na jiran PHP-FPM daƙiƙa 60 a saitin asali na `fastcgi_read_timeout`, amma ƙarewar wannan ba ta kashe aikin PHP, `request_terminate_timeout` na PHP-FPM ne ke kashe shi in an sa. Gunicorn a ɓangaren Python na kashe ma'aikacin da ya yi shiru daƙiƙa 30. In kiran da ya maƙale ya zo kafin sabunta oda, odar ba za ta taɓa sabuntuwa ba, kuma duk sakewar da aka yi a wuri ɗaya za ta maƙale.

Yadda ake ganewa

Labarin saƙo guda a wuri uku yake rubuce, kuma ba a yanke hukunci sai an jera su. Na farko shafin asusunka a wurin kamfanin, inda galibi ake nuna kowane yunƙurin aikawa da lokacinsa da abin da ya dawo. Na biyu rajistar shige da fice ta Nginx. Na uku rajistar manhajar kanta. Yawancin masu cewa bai zo ba ta ukun kaɗai suka duba, ita kuwa ba ta san komai ba game da saƙon da aka tare kafin ya kai gare ta.

Tsarin rajistar Nginx na asali ba ya rubuta tsawon lokaci, sai an ƙara `$request_time` a cikin `log_format`. Wannan ƙaramin gyara ya cancanci a yi shi tun kafin a shiga matsala. Da shi, ranar cunkoson shagonmu za ta fito kamar haka:

```
"POST /webhook/pay HTTP/1.1" 200 4.102
"POST /webhook/pay HTTP/1.1" 200 8.231
"POST /webhook/pay HTTP/1.1" 499 10.001
"POST /webhook/pay HTTP/1.1" 499 10.000
"POST /webhook/pay HTTP/1.1" 499 10.002
```

Lamba 499 ba ta cikin ƙa'idojin HTTP, Nginx ne ya ƙirƙiro ta don amfanin kansa, kuma ba a aika wa kowa ita. Ma'anarta mai kira ya rufe haɗin kafin a ba shi amsa. Ganin ta a kan adireshin webhuk hujja ce cewa saƙon ya iso. Lokacin da ke gefenta ma yana da magana: in ka ga kusan adadi ɗaya na maimaituwa, 10.000 da 10.001 da 10.002, to iyakar haƙurin mai aikowa ce ka gano, ba sai ka tambayi kowa ba. A shafin kamfanin kuma wannan yunƙuri zai fito babu lamba ko kaɗan, sai dai bayanin cewa lokaci ya ƙare. Rajistar PHP-FPM za ta cika hoton da wannan gargaɗi:

```
server reached pm.max_children setting (5), consider raising it
```

Idan 504 ka gani a maimakon 499, agogon Nginx ne ya riga ƙarewa yana jiran manhajar. 502 kuwa na nufin manhajar ta mutu a tsakiyar aiki ko ba ta tsaye ma. In kuma babu layi ko ɗaya a rajistar Nginx a daidai lokacin da kamfanin ya ce ya aiko, to a nan ne za a iya cewa saƙon bai iso ba da gaske, sai a koma baya: sunan yanki na nuna wata saba ta daban, takardar shaidar TLS ta ƙare ko ba a haɗa sarƙarta cikakkiya ba, ko wata katangar tsaro da ke gaban sabar ta tare shi. A tabbatar kuma an sa adireshin a ɓangaren asusun gaske, domin na gwaji da na gaske kowanne da nasa saitin.

Gargaɗin PHP-FPM ya ce a ƙara ma'aikata, kuma mutane da yawa nan suke tsayawa. A mayar da 5 zuwa 20, cunkoson saƙo 60 zai ragu, amma kowane ma'aikaci na cin nasa kason na ƙwaƙwalwar saba, kuma ranar da saƙo 300 suka zo an koma gidan jiya. Ƙara agogon Nginx zuwa minti biyar ma ba ya amfana komai, tunda agogon da ke yanke hukunci yana hannun mai aikowa, ba ka da iko da shi.

Gyaran gaskiya shi ne a raba karɓa da aiki. Sashen da ke karɓar webhuk ya yi abu uku kawai: ya tabbatar da sa hannu, ya ajiye saƙon yadda ya zo a rumbun bayanai, ya mayar da 200.

```php
$raw = file_get_contents('php://input');
if (!sa_hannu_daidai($raw)) {
    http_response_code(401);
    exit;
}
ajiye_sako($raw);
http_response_code(200);
```

Sauran aikin, wato tambayar API da rasit da imel, wani ma'aikaci na daban ne zai riƙa ɗaukowa daga teburin da aka ajiye saƙonnin yana yi a natse, in ya faɗi ya sake. A ce karɓa da ajiyewa na cin kashi ɗaya cikin ashirin na daƙiƙa. Ma'aikatan nan biyar da ba a ƙara ko ɗaya ba za su sallami saƙo 60 a zagaye 12, jimilla ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Imel ɗin mai saye na ƙarshe zai iya makara da 'yan mintoci, wannan kuwa ba abin da zai dami kowa.

Jerin matakan nan uku na da muhimmanci ƙwarai, kuma a nan ne wasu ke gudu ba su tsira ba. Sun karanta cewa a amsa da wuri, sai su mayar da 200 tun a layin farko, su ci gaba da aiki a bayan fage. PHP-FPM ma na da `fastcgi_finish_request()` da ke ba da damar haka. Illarsa biyu ce. Ma'aikacin na nan a riƙe har ya gama, don haka layin bai ragu ba ga waɗanda ke baya. Mafi muni kuma, 200 alkawari ne: ka ce wa kamfanin saƙon na hannunka, kada ya sake turowa. In sabar ta faɗi daƙiƙa ɗaya bayan haka alhali ba ka ajiye komai ba, saƙon ya tafi ke nan, shafin kamfanin na nuna an isar, rumbunka kuwa wayam. Saƙon da ya faɗi a fili ya fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba, domin shi aƙalla za a sake kawo shi. Don haka ajiyewa ce farko, amsa ta biyo baya. In ajiyewar ta gagara saboda rumbun bayanai ya faɗi, amsar da ta dace ita ce 500, don a dawo anjima.

PHP na da wani tarko a daidai nan wanda ba kowa ya sani ba. Idan manhaja ta yi mummunan kuskure ta tsaya, PHP na mayar da 500 ne in `display_errors` a kashe yake. In a kunne yake, sai ya rubuta bayanin kuskuren a jikin amsa ya tura da 200. Sabar da aka bar ta da saitin gwaji za ta riƙa gaya wa kamfanin komai lafiya alhali tana faɗuwa a kan kowane saƙo.

Ko an yi duk wannan daidai, saƙo ɗaya zai iya zuwa sau biyu, misali in amsarka ta ɓace a hanya bayan ka ajiye. Stripe ta faɗa a takardunta cewa maimaici na faruwa, kuma ba ta yi alkawarin saƙonni za su zo a jere yadda abubuwan suka faru ba. Maganin a rumbun bayanai yake. Kowane saƙon Stripe na da lambar shaida mai farawa da `evt_`. A saƙon Paystack kuwa ana iya haɗa sunan abin da ya faru, kamar `charge.success`, da `reference` na cinikin. A sa wa wannan gurbi sharaɗin cewa ba ya maimaituwa, a PostgreSQL kuma a rubuta:

```sql
INSERT INTO sakonni (event_id, raw)
VALUES ($1, $2)
ON CONFLICT (event_id) DO NOTHING;
```

Na fi yarda da wannan a kan a fara tambaya "akwai shi?" sannan a rubuta, domin kwafi biyu na iya isowa a lokaci guda a hannun ma'aikata biyu, kowanne ya duba ya ga babu, kowanne ya rubuta. Maimaicin da aka gane kuma 200 ake mayar masa. In ka mayar da 409 ko 400 don nuna ka riga ka gani, kamfanin zai ɗauka ya faɗi, ya ci gaba da turowa.

Lambar da ba ita ba

Ɗaya rabin matsalar ya fi sauƙin kamawa, domin lambar na nan a rubuce a shafin kamfanin, kuma ba ruwanta da cunkoso, galibi kowane saƙo faɗuwa yake yi. Abin da ke ɓatar da mutane shi ne gwaji da burauza. Mutum ya liƙa adireshin ya ga shafi ya buɗe, ya ce ai yana aiki. Burauza `GET` take turawa, tana ɗauke da bayanan shigarka, kuma in aka karkatar da ita zuwa wani adireshi tana bi ba tare da ta gaya maka ba. Sabar kamfanin ba ta da ko ɗaya daga waɗannan.

Karkatarwa ce ta fi kowanne yaudara. An ba kamfanin adireshi mai `http://` alhali sabar na tura kowa zuwa `https://`, ko an rubuta shi babu `www` sabar kuma na ƙarawa, ko an manta da `/` na ƙarshe. Django, da saitinsa na `APPEND_SLASH`, na mayar da 301 zuwa adireshi mai `/` in babu irinsa marar shi. Takardun Paystack ma sun ja kunnen masu amfani da `.htaccess` a kan wannan `/` ɗin. Stripe ba ta bin karkatarwa, duk lamba ta jerin 300 faɗuwa ce a wurinta. Mai aikowar da ke bi ma ba lallai ya fisshe ka ba, domin manhajoji da yawa in suka ga 301 ko 302 sukan mayar da `POST` ya zama `GET`, su yar da jikin saƙon. Abin da zai iso sabon adireshin fanko ne, sai ya samu 405, ko kuma ya samu 200 daga wani shafin da ba ruwansa da biyan kuɗi. Lambobin 307 da 308 suna riƙe `POST` yadda yake, amma gyara mafi tsafta shi ne a ba kamfanin adireshin ƙarshe harafi da harafi. Gwajin da ya dace shi ne wannan, kuma da gangan ba a sa `-L` ba, don kada `curl` ya bi karkatarwar ya ɓoye ta:

```
curl -i -X POST https://example.com/webhook/pay \
  -H "Content-Type: application/json" -d '{}'
```

A yi shi daga wata kwamfuta da ke wajen sabar. In manhajar an rubuta ta kamar yadda ke sama, amsar da ake so ita ce 401, domin tana nuna buƙatar ta kai har wurin duba sa hannu aka ƙi ta saboda babu shi. In 301 ya fito, layin `Location` zai nuna inda ake turawa.

Na biye shi ne kariyar CSRF. Ita an yi ta ne don fom-fom ɗin da mutane ke cikawa a burauza, tana neman wata alama da shafin ya ba su tun farko. Sabar kamfanin ba ta da wannan alama, sai Laravel ya mayar da 419, Django ya mayar da 403. A cire adireshin webhuk shi kaɗai daga wannan kariya, a Django da `@csrf_exempt`, tunda sa hannun saƙon ne ke tsaronsa. Haka ma in adireshin ya faɗa cikin rukunin shafukan da sai an shiga da kalmar sirri, za a samu 302 zuwa shafin shiga. Katangar da ke korar mutum-mutumin intanet ita ma na iya ba sabar kamfanin 403 da shafin "tabbatar kai mutum ne". Ana gane wannan da cewa shafin kamfanin na nuna 403 tare da jikin HTML wanda ba manhajarka ta rubuta ba, rajistar Nginx kuma ba ta ga komai ba.

Sai 400 ko 401 da manhajarka ke bayarwa da kanta saboda sa hannu bai yi daidai ba. Ana lissafa sa hannun ne a kan jikin saƙon yadda ya zo, harafi da harafi. In wani sashe ya riga ya warware JSON ɗin sannan aka sake haɗa shi, tazara ɗaya ko yadda aka rubuta wani harafi na iya sauyawa, lissafi ya rushe. A Express, `express.json()` ne ke yin wannan riga-kafin, sai a ba adireshin webhuk `express.raw()` a maimakonsa. Mabuɗin sirri na gwaji a sabar gaske ma haka yake jawowa. Ga Stripe akwai ƙarin abu: `Stripe-Signature` na ɗauke da lokacin aikawa, kayan aikinsu kuma na ƙin saƙon da ya wuce minti 5, saboda haka sabar da agogonta ya karkace sosai za ta ƙi saƙonni na gaskiya.

Akwai kuma lambobin da mai rubuta manhaja ya zaɓa da kyakkyawar niyya amma suka zama matsala. Kamfanin ya turo wani nau'in saƙo da ba ka damu da shi ba, manhajar ta ce 400. Ko saƙon ya riga odar isowa rumbun bayanai da 'yan daƙiƙoƙi, manhajar ta ce 404. A wurin mai aikowa duk faɗuwa ce, kuma faɗuwar da ta daɗe na da hukunci: Razorpay na kashe webhuk ɗin da ya yi awa 24 yana faɗuwa, Stripe kuma na aiko da imel na gargaɗi kafin ta dakatar da adireshin da ya yi kwanaki bai amsa daidai ba. In aka kashe, daga nan ne saƙonni ke daina zuwa da gaske, imel ɗin gargaɗin kuwa sau da yawa yana akwatin wanda ya buɗe asusun, wanda ba lallai shi ke kula da sabar ba. Ka'idata a nan ita ce lambar amsa ta faɗi abu ɗaya kawai, ko saƙon ya shiga hannuna ko bai shiga ba. Abin da zan yi da shi daga baya, ko in yar da shi ko in jira odar ta bayyana, wannan tsakanina da ma'aikacin baya ne.

Bayan an gyara, saura cinikin da aka rasa a lokacin matsalar. Waɗanda wa'adin sakewarsu bai ƙare ba za su shigo da kansu, kuma sharaɗin hana maimaici zai tace su. Waɗanda wa'adinsu ya wuce sai an bi su. Stripe na barin a jero abubuwan da suka faru na kwana 30 ta API, ana kuma iya sake tura guda da `stripe events resend`. Hanyar da ke aiki da kowane kamfani kuwa ita ce a sa wani ɗan aiki da ke tashi lokaci-lokaci, a ce duk minti 15, ya ɗauko odar da ta daɗe a "ba a biya ba", ya tambayi kamfanin matsayin kowacce da lambar cinikinta. Amsar ta bi ta hanyar da saƙon webhuk ke bi wajen sabunta oda, sharaɗin kuma ya kasance a kan odar kanta: ana mayar da ita "an biya" ne kawai in ba a riga an mayar ba, kuma sai wannan sauyi ya faru ake tura rasit ko ƙara kwanaki. Ta haka ko ɗan aikin da webhuk ɗin da ya makara sun kawo labarin ciniki ɗaya, sau ɗaya za a yi wa mai saye aikinsa.